Inji Ɗaya, Lissafi Uku

Da ƙarfe tara da kwata na safiyar Alhamis Rashida ta gano cewa kamfanin da take yi wa aiki yana shirin sayar da inji ɗaya mai ƙarfi iri uku.

Injin ban ruwa ne mai aiki da hasken rana. Kamfanin Alhaji Hamza ne ya shigo da kayansa, ake harhaɗawa a wani tsohon gida a Badarawa da aka mayar ofis, falo na ma'aikata, tsakar gida ta makanikai. Jibi Asabar za a ƙaddamar da shi a wata gona a Rigachikun, a gaban manoman rani da shugabannin ƙungiyoyinsu. Rashida ce jami'ar yaɗa labaran kamfanin, watanta huɗu da kama aiki, saura biyu a tabbatar da ita ko a sallame ta. A takardar ɗaukarta akwai layi guda da ta haddace: babu rubutun da zai fita da sunan kamfani sai da sa hannunta, wanda kuma ya fita da kuskure, a wuyanta yake. Wanda ta gada, kalandar bara ce ta ci shi, lambar waya ɗaya ta fita ba daidai ba. Alhaji bai yi masa faɗa ba. Addu'a ya yi masa mai tsawo, sannan ya karɓi makullin ofis.

Abu uku ne a gabanta. Ga silaid ɗin talla, wato shafukan da Khalid, manajan ciniki kuma ɗan Alhaji na biyu, yake haska wa manyan masu saye a bango. Ga shafin intanet na kamfani, Hausa da Turanci. Ga kuma samfurin ƙasidar talla da Malam Isa mai maɗaba'a ya aiko jiya don ta duba ta sa hannu. Malam Isa ya yi mata magana a fili: kwafi dubu uku ne, sai tawada ta bushe, a yanka, a ninke da safiyar Juma'a kafin a tashi masallaci. In ƙarfe biyu na ranar yau Alhamis ta yi bai ga sa hannunta ba, zai ɗora wani aikin a kan injinsa, su je Rigachikun da fatar baki.

Ta ja layi a takarda ta yi gida huɗu: abin da silaid ya ce, abin da shafi ya ce, abin da ƙasida ta ce, sai gida na huɗu, wanda shi ne aikin gaskiya, wato daga ina maganar ta fito. Ta bi kowace lamba da kowane kwanan wata ɗaya bayan ɗaya.

Ƙananan ba su ba ta wuya ba. Tun farko ranar takwas ga wata aka sa bikin, kaya suka makara a hanya aka ɗaga zuwa sha biyar. Shafin Hausa ya san da haka, na Turanci kuwa yana nan yana gayyatar jama'a zuwa taron da ya wuce kwana biyar da suka shige. A silaid an gyara rubutun, amma shafin ƙarshe hoto ne, kwanan watan a cikin hoton yake, ba wanda ya taɓa shi. Ƙasida ta sami ranar bature daidai, sai ta kuskure ta Musulunci, domin mai zanen ƙasidar daga kalandar wayarsa ya kwafa, wadda ta riga ganin watan da aka sanar a nan da kwana ɗaya. Garanti kuma, takardar masana'anta ta ce shekara biyu a kan fanel, wato faifan da ke karɓar hasken rana, shekara ɗaya a kan injin kansa. Ƙasida ta yi kyauta ta ba kowa shekara biyu. Kafin goma da rabi duk ta rubuta gyaransu.

Saura layi ɗaya. Ruwa nawa injin yake ja a awa guda? Silaid ya ce lita dubu goma. Ƙasida ta ce dubu takwas, da jan rubutu mai girman tafin hannu a bangon gaba. Shafin intanet ya ce dubu shida.

Ta shida ta san asalinta, don ita ta sa ta da hannunta daga rahoton gwajin Injiniya Bala. Ta fita tsakar gida ta same shi a durƙushe yana ɗaure waya. Bala mutum ne da ya yi shekara goma sha takwas yana aiki da masu kuɗi, ya kuma koyi cewa abin da ke raya injiniya shi ne ya rubuta gaskiya a takarda, ya sa kwanan wata, ya ajiye kwafi a gida, sannan ya yi shiru. Ya bayyana mata ba tare da ya ɗago ba. Dubu goma ba ƙarya ba ce, a jikin kwali take. Sai dai wannan ƙarfin injin ne idan ruwa yana daidai da bakinsa, ba ya hawa ko taku ɗaya. Manomi kuwa ba a tafki yake zaune ba. Daga rijiya mai zurfin mita takwas, da tiyo, da rana mai kyau, sau biyar ya gwada, dubu shida yake samu, wani lokaci da 'yan kai.

Ta tambaye shi ko ya gaya wa Alhaji. Ya ce ya kai masa rahoto tun watan jiya.

"Ya karanta?"

"Ya karɓa," in ji Bala. "Ya ce Allah ya yi albarka."

Dubu goma kuwa kowa a gidan ya san inda ta sami gindin zama. Ranar da aka sauke kaya Alhaji ya karanta ta a jikin kwali, ta yi masa daɗi a baki. Ya faɗe ta a majalisarsa, ya faɗe ta a wurin ɗaurin aure, ya faɗe ta sau uku a shirin rediyon da kamfani ya saya. Daga nan ta daina zama lamba, ta koma maganar Alhaji, abin da ba a yi wa gyara.

Ta takwas ce ba ta da uwa ba ta da uba. Babu ita a kwali, babu ita a rahoto. Rashida ta je ofishin Khalid ta tambaye shi. Ya amsa da fara'ar mutumin da ake tuna masa wata bajinta da ya yi. Ya ce shi ya kawo ta. Injiniya ya ce shida, Alhaji ya ce goma, shi kuma ya raba musu gardama, kamar yadda ake yi idan ciniki ya ƙi faɗawa. Wannan ya rage biyu, wancan ya ƙara biyu, ba wanda aka ci wa fuska.

Ta ce ai injin ba ya cikin cinikin, shi bai rage komai ba, bai kuma ƙara ba.

Khalid ya yi dariya. Ya ce matsalar 'yan jami'a kenan, sai su ɗauki ƙaramin abu su ɗora masa rawani. Ba so take takardu uku su yi magana ɗaya ba? To, a mayar da su duka dubu goma, minti biyar ya isa. In kuma zuciyarta ba ta kwanta ba, a sa "har zuwa" a gaban lambar da ƙaramin rubutu, kowa haka yake yi.

Ta buɗe silaid ɗinsa a kwamfutarta ta juya masa. Akwai guda huɗu a ajiye, na ƙarshe, da na ƙarshe na biyu, da na ƙarshe sabo, da wanda ba shi da suna. Ta tambaye shi wanne ya aika wa sakataren haɗaɗɗiyar ƙungiyar manoma, wanda ake sa ran zai sa hannu a kan inji ɗari biyu. Ya ce marar sunan, ranar Litinin. Ta kai shi shafi na tara. A nan Khalid, don ya burge, ya yi lissafi da kansa: duro mai cin lita ɗari biyu zai cika cikin minti ɗaya da daƙiƙa goma sha biyu, za kuma a nuna haka a gaban kowa ranar Asabar. Lissafin daidai yake, in dubu goma daidai ce. Da dubu shida kuwa, minti biyu cur.

Khalid ya daɗe yana kallon shafin. Ya ce wa zai tsaya duba agogo a wurin biki. Ta ce mutum ɗari uku za su zo, kowa da waya a aljihu, kuma manoman rani ne, mutanen da suka san tsawon lokacin da kwamin lambu yake ɗauka kafin ya sha ruwa fiye da yadda suka san shekarun 'ya'yansu.

"To, Hajiya mai sa hannu," ya ce, yana rufe kwamfutar da yatsa ɗaya, "ga ofishin Alhaji can. Ni dai ban aike ki ba."

Sha ɗaya da rabi ta wuce kafin ta sami shiga, don Alhaji yana da baƙi. Tana zaune a benci Malam Isa ya kira. Ya ce manaja ya bugo masa yanzu ya ce a ci gaba da bugu, an daidaita. Farantan ɗab'i na shafukan ciki ma ya ce a fara haɗawa. Shi dai bai ga sa hannu ba, shi ya sa ya ce bari ya ji daga bakinta. Ta roƙe shi kada ya taɓa komai, akwai gyara a ciki da waje. Ya ce ba zai taɓa ba, amma agogo ba nasa ba ne, ƙarfe biyu tana nan inda take.

Alhaji Hamza ya haura sittin da biyar. A kasuwar hatsi ya tashi, yana auna dawa tun kafin ya iya ɗaura rawani, kuma duk da kujera mai juyawa da na'urar sanyaya ɗaki, har yau idan yana tunani yatsunsa suna motsi kamar mai share bakin mudu. Rashida ta durƙusa ta gaishe shi, ya tambayi mahaifinta, ta ce yana gaishe shi. Sannan ta shimfiɗa takardarta ta fara da masu sauƙi, kwanan wata da garanti. Ya ji daɗin kamun da ta yi wa kwanan watan Musulunci, har ya ce da an buga haka da limamin unguwa ya sami abin wa'azi. Sai ta zo kan layin ƙarshe. Ba ta ce dubu goma kuskure ce ba. Cewa ta yi takardu uku sun saɓa, tana neman ya nuna mata wadda za ta bi, ga kuma rahoton Injiniya.

Bai dubi rahoton ba. Ya gyara zama ya yi mata karatu, a hankali, irin na wanda yake tausayin ɗalibi. Ya ce shekara hamsin yana sayarwa, bai taɓa ganin mai saye da ya ɗauki maganar mai kaya yadda aka faɗe ta ba. Duk abin da ka ce, sai ya zubar da kusan rabi kafin ya kai shi zuciya. Ka ce goma, ya ji shida, ya saya, ya je gida ya tarar da shida, kowa ya zauna lafiya. Ka ce shida, uku zai ji, ya wuce rumfar gaba. Saboda haka mai faɗin goma shi ne ya isar da gaskiya inda take zuwa, mai faɗin shida kuwa ya cuci kayansa ne kawai.

Abin haushin shi ne maganar ba ta wauta ba ce. Rashida ta sha ganin mahaifiyarta tana yi wa mai atamfa haka a kasuwa. Ta ce haka ne, ranka ya daɗe, a baka. Amma takarda ba a taya ta. Sakataren nan lambar zai kwafa ya sa a yarjejeniya, wanda ya karɓi ƙasida kuma zai ajiye ta a ƙarƙashin katifa, ranar da albasarsa ta yi ƙishi ya ɗauko ta. Ga kuma alamar da aka buga a bayan ƙasidar, wadda in an haska da waya take kai mutum shafin intanet. A tsaye a wuri ɗaya mutum zai ga takwas a hannunsa, shida a wayarsa, goma a bango.

Ya ce wannan ai gyaransa sauƙi, a mayar da su duka goma. Uba da ɗa, ba su haɗa baki ba, hanya ɗaya suka bi.

Ta mayar da idonta kan takardarta. Ya lura, fuskarsa ta canza kaɗan.

"'Yar nan, na faɗi magana a rediyo, duk Kaduna ta ji. So kike ki buga takarda ta ƙaryata ni?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To, sa hannu. In hannun ya yi nauyi, akwai masu sauƙin hannu a gari."

Ya jawo wayarsa, alamar an gama. Rashida ta tattara takardunta. Lissafin nata ya fito sarai, ba ya bukatar gida huɗu. In ta ƙi sa hannu, yau za ta tafi. In ta sa, ranar Asabar duro zai tona asiri a gaban jama'a, a koma a duba wa ya amince da takarda, ta tafi ranar Litinin. Bambancin kwana huɗu ne, da kuma sunan da za ta fita da shi.

Har ta kai bakin ƙofa sai ta juyo. Ta ce akwai wani ɗan abu na tsarin biki. A jadawali an rubuta shi ne zai riƙe agogo lokacin da za a cika duro, ya kuma sanar da jama'a da bakinsa idan ya cika. Masu ɗaukar hoto suna so su san inda zai tsaya. Ko zai ba da minti biyar a gwada a tsakar gida, tunda ga rana ta take, kafin a kira azahar?

Babu wannan a jadawali, amma jadawalin a hannunta yake, za ta iya sa shi kafin la'asar. Alhaji kuwa yana son duk abin da zai sa shi a tsakiyar hoto. Ya ce a kira Bala.

Akwai tsohuwar rijiya a bayan gidan, a ita Bala yake gwajinsa. Sha biyu da rabi ta gota lokacin da aka gama jera fanel, aka zura injin, aka mirgino duro shuɗi aka kafa shi a kan siminti. Sama tas, babu ko ɗigon gajimare. Bala ya dubi Rashida sau ɗaya, kallon wanda ya gane abin da ake shiryawa kuma yake fatan a manta yana wurin. Makanikai biyu sun bar aikinsu. Khalid ya fito ya tsaya a inuwa, hannu a aljihu. Rashida ta buɗe agogon wayarta ta miƙa wa Alhaji da hannu biyu, ta nuna masa inda zai danna, ta kuma karanta masa daga shafi na tara abin da zai faɗa wa jama'a: minti ɗaya da daƙiƙa goma sha biyu.

Bala ya kunna, ya bar ruwan ya zuba a ƙasa har ya daidaita, sannan ya jefa bakin tiyo cikin duro. Alhaji ya yi bisimilla ya danna.

Ruwan yana fita da ƙarfi, fari, gwanin sha'awa. Inji ne mai kyau, wannan ba wanda ya taɓa musu. Daƙiƙa ashirin, Alhaji yana murmushi yana gyaɗa kai. Arba'in, ya matso ya leƙa. Ƙarar ruwa a duro tana canzawa yayin da yake cika, duk wanda ya taɓa ɗiban ruwa ya san wannan, kuma ƙarar da ke fitowa har yanzu ta mai sauran tafiya ce. Minti ɗaya, ruwa yana tsakiya. Alhaji ya dubi waya, ya dubi duro. Lambar ta kai ɗaya da sha biyu. Ruwan ya ɗan haura rabi, tsakaninsa da baki akwai kusan kamu ɗaya.

Bai danna ba. Ya tsaya riƙe da wayar, kowa ya tsaya tare da shi, aka bar ruwa yana ta hawa a kan lokacinsa. Daƙiƙa arba'in da 'yan kai ba wani abu ba ne a rayuwar mutum, sai in yana tsaye a gaban mai gidansa yana jiran duro.  Ruwa ya taɓa baki ya fara malala a kan siminti, Alhaji ya danna. Minti ɗaya da hamsin da bakwai.

Ya tambayi Bala ko rana ce ba ta yi ƙarfi ba. Bala ya ce wannan ita ce rana mafi kyau da inji zai samu a yini. Ranar Asabar ƙarfe goma za a yi, zai iya ƙara 'yan daƙiƙu. Ya tambaya ko rijiyar gonar ta fi wannan kusa. Bala ya ce ta fi zurfi da mita ɗaya. Ya tambaya ko akwai ƙaramin duro. Wannan karon bai ma jira amsar Bala ba. Ya san manomi ya san duro.

Aka kashe injin. Can a masallacin unguwa ladan ya fara gwada lasifika. Alhaji ya miƙa wa Rashida wayarta, ya zura hannu a aljihun babbar riga, ya dubi mutanen da ke tsaye ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya rubuta dubu goma a takardun kamfanina?"

Tambayar ba ta neman labari ba ce, domin duk wanda ke tsakar gidan ya san amsar, har makanikai. Neman mai ɗauka ake yi. Babba ba ya kuskure a gaban yaransa. In kuskure ya faru, to wani ne ya kawo masa shi. Khalid ya sami wani abu a kan takalminsa da ke bukatar nazari. Bala ya shiga naɗe tiyo da natsuwar da bai taɓa ba tiyo ba. Kowannensu yana da dalili: ɗaya ɗa ne, ba a so a fara ba shi sunan mai kwaɓa tun bai gaji kujera ba, ɗaya kuma yana da kwafin rahoto a gida. Rashida ta duba wayar da ke hannunta. Ɗaya saura minti biyar. Za a yi salla, za a ci abinci, mai zane yana bukatar aƙalla rabin awa ya sake bangon gaba. In aka tsaya ana wannan shirun, ƙarfe biyu za ta same su a nan, lambar kuma ba ta sauka ba.

"Ni ce, ranka ya daɗe," ta ce. "Daga jikin kwali na kwafa, ban tambayi Injiniya ba. Ni na ba ka ita kafin ka shiga rediyo."

Lokacin da aka yi shirin rediyon tana hutun rashin lafiya, wannan ma kowa ya sani. Alhaji ya dube ta na ɗan lokaci, irin kallon da dillali yake yi wa wanda ya taya kaya daidai kuɗinsu tun karon farko. Sannan ya yi mata faɗa, faɗa mai kyau, mai tsari, da murya da za ta isa falo. Ya ce wannan shi ne illar karatun zamani, a ga lamba a kwali a kwafa ba bincike. Ya ce ta kusa sa shi ya yi wa bayin Allah alkawarin da ba zai cika ba, shi da ya yi shekara hamsin mudunsa bai taɓa raguwa ba. Ya ce ta gode wa Allah da ya sa shi da kansa ya ce a gwada. Ta ce ta gode. Ya ce yanzu-yanzu ta mayar da takardun nan uku dubu shida, ta rubuta zurfin rijiyar a gefe don kada wani ya zo da surutu, a gyara maganar duro ta koma minti biyu da 'yan kai. Ita kuma za ta kira sakataren ƙungiya da bakinta, ta ba shi haƙuri, ta ce kuskuren ofis ne, mai gida ne ya kama shi.

"Wannan ya wuce," ya ce yana naɗe hannun riga zai yi alwala. "Gobe ki zo da wuri, akwai jawabina da za ki duba."

Ta ɗauki kalmar gobe ta riƙe, ba ta nemi ƙari ba.

Mai zane ya yi ƙorafi a waya cewa shida ba ta cika ido kamar takwas ba, ta ce ya ƙara mata girma. Tana jiransa ta gyara shafin intanet, Hausa da Turanci, ta buɗe shi a wayarta don ta tabbatar sabon ne yake fitowa. Ta gyara silaid, shafi na uku da na tara da hoton ƙarshe, ta sa masa kwanan watan yau a suna, ta kwashe tsofaffin huɗun ta zuba a wata ma'ajiya da Khalid ba zai yi saurin gani ba. Sabon samfurin ƙasida ya shigo ɗaya da minti arba'in da biyu. Ta buga shi a takarda, ta bi shi da biro layi-layi tana gwada shi da gida na huɗu, har lambobin waya, waɗanda ba a taɓa ba. Ta sa hannu, ta rubuta lokaci, ta ɗauki hoto ta aika.

Malam Isa ya kira da kansa. Ya ce ya gani, saura minti shida, yanzu zai sa a haɗa faranti. Ya tambaya ko wannan ne na ƙarshe ko kuwa manaja zai sake bugowa. Ta ce ko ya bugo, sa hannun da ke gabansa shi ne magana.

Sannan ta nemo lambar sakataren ƙungiya. Ya ɗauka a ƙara na huɗu, da hayaniyar kasuwa a bayansa. Ta gaishe shi, ta faɗi sunanta da na kamfani, ta ce akwai kuskure a takardar da aka aika masa ranar Litinin, a shafi na uku da na tara, kuma daga wurinta ne. Ya ce ta dakata ya sami biro.